Idan Samfurin da Aka Ɗauka Ba Ya Komawa Cikin Kwali

Mai shago ya karɓi kwali mai ƙwan lantarki 20. Ba shi da lokacin gwada su duka, sai ya zaro biyar ya gwada, da niyyar karɓar kayan idan duk sun kama. A ƙaddara cewa huɗu daga cikin ashirin ɗin matattu ne, shi kuwa bai sani ba. Mene ne yiwuwar duk biyar ɗin su kama, matattun su tsere masa? Masana lissafi suna da hanyoyi biyu na amsa irin wannan tambaya, kuma ɗaya ce kawai ta dace da wannan kwalin. Abin damuwa shi ne wadda ba ta dace ba ita aka fi sani, ita kuma hannu ya fi saurin kaiwa gare ta.

Wadda aka fi sanin ita ce binomiyal, da ake dangantawa da Jacob Bernoulli, masanin birnin Basel wanda aka buga littafinsa kan lissafin yiwuwa a 1713, bayan rasuwarsa. Sharaɗinta shi ne yiwuwar ta tsaya yadda take a kowane gwaji, kamar jefa kwabo: abin da ya fito a jifan farko bai shafi na biyu ba. Idan aka bi ta, sai a ce ƙwai masu kyau 16 ne cikin 20, wato 0.8, a ninka wannan adadi da kansa har sau biyar. Amsar ita ce 0.328, kusan kashi 33 cikin ɗari.

To amma mai shagon ba ya mayar da ƙwan da ya gwada cikin kwali. Ajiye shi yake a gefe. Da ya zaro na farko ya samu mai kyau, abin da ya rage ƙwai 19 ne, masu kyau 15, matattu kuma suna nan huɗunsu. Yiwuwar samun mai kyau a karo na biyu ta sauka zuwa 15 cikin 19. A na uku 14 cikin 18, sai 13 cikin 17, sai 12 cikin 16. Kowane mai kyau da ya fita yana ƙara wa matattun rabo a cikin abin da ya saura. Hanyar da ke bin wannan sauyi mataki-mataki ita ake kira haifajiyometirik, kuma ga lissafinta:

```
(16/20) × (15/19) × (14/18) × (13/17) × (12/16) = 0.282
```

Kashi 28 ke nan, ba 33 ba. Wani zai ce tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A bari mai shagon ya gwada goma, rabin kwalin. Binomiyal za ta ce yiwuwar matattun su ɓuya kusan kashi 11 ce, alhali gaskiyarta kashi 4 ne da ɗan ɗoriya. Kuskuren ya haura ninki biyu. Idan kuwa ya gwada 17, ko yaro ya san dole ya ci karo da matacce, tunda masu kyau 16 ne kacal. Duk da haka binomiyal tana ba da kusan kashi 2 cewa duk za su kama. Wannan ita ce alama mafi sauƙi ta gane an ɗauko hanyar da ba ta dace ba: lissafi ya ba wa abin da ba zai taɓa faruwa ba rabo. Haka ma a gwajin biyar ɗin, binomiyal tana ware ɗan rabo ga samun matattu biyar, a kwalin da huɗu ne kawai a ciki.

Akwai inda hanyoyin biyu suka yarda da juna, kuma nan ne mutane suke ruɗewa. Idan aka yi ta maimaita gwajin biyar-biyar a kwalaye irin wannan, matsakaicin matattun da za a riƙa samu ɗaya ne, ko da wace hanya aka lissafa. Saɓanin yana wajen yadda sakamakon yake warwatsuwa a gefen wannan matsakaici. Ɗauka ba mayarwa tana tattara sakamako kusa da tsakiya: yiwuwar samun matacce ɗaya cif kashi 47 ce, binomiyal kuwa ta ce 41. Dalilin a fili yake. Wanda ya gwada kaso mai tsoka na kaya ya riga ya ga kaso mai tsoka na gaskiyar, abin da ya rage a ɓoye ya ragu. Masana suna auna wannan raguwa da ɗan ƙaramin lissafi, (N − n)/(N − 1), inda N yake yawan kayan, n kuma yawan samfurin. A kwalinmu 15 cikin 19 ne, don haka ma'aunin warwatsuwar ya sauka daga 0.8 zuwa kusan 0.63. Da za a gwada ashirin ɗin duka, sai ya zama sifili, domin babu sauran abin da ba a sani ba.

Kada a ɗauka kuskuren kullum gefe ɗaya yake karkata. Ronald Fisher, a littafinsa na 1935 kan tsara gwaje-gwaje, ya kawo misalin wata mata da ta ce tana iya bambance shayin da aka fara zuba wa madara da wanda aka zuba daga baya. Aka ajiye mata kofi takwas, huɗu na kowane iri, aka ce ta ware huɗun da madara ta riga shiga. Wanda ya ɗauki kowane zaɓi a matsayin rabi-da-rabi zai ce yiwuwar ta dace duka da canki kawai 1 cikin 16 ce. Amma kowane kofi da ta dace yana rage sauran daidai ɗin: 4 cikin 8, 3 cikin 7, 2 cikin 6, 1 cikin 5, wanda ya ba da 1 cikin 70. Da lissafin farko za a iya cewa sa'a ta yi. Da na gaskiya, cewa hakan zai yi wuya.

Ban ce a jefar da binomiyal ba. Idan kayan suna da yawa, cire biyar ba ya girgiza komai. A ɗakin ajiya mai ƙwai 2,000, matattu 400, amsar haifajiyometirik ita ce 0.327, ta binomiyal 0.328. Shi ya sa littattafan koyarwa suke ba da ƙa'idar cewa idan samfurin bai wuce kashi 10 cikin ɗari na kayan ba, wasu ma suka ce kashi 5, binomiyal ta wadatar. A lura cewa abin dubawa shi ne rabon samfurin da dukan kayan, ba girman samfurin shi kaɗai ba. Biyar cikin 20 kashi 25 ne, ya zarce iyakar nesa ba kusa ba. A ganina ma, tunda yanzu na'ura ce ke yin lissafin, uzurin neman sauƙi ya ƙare. A Excel layi ɗaya ne kowanne:

```
=HYPGEOM.DIST(0,5,4,20,FALSE)
=BINOM.DIST(0,5,0.2,FALSE)
```

Saura abu biyu da ya kamata mai amfani da wannan lissafi ya riƙe. Na farko, mai shago bai san matattu nawa ne a kwalinsa ba. Da ya sani, ba ya bukatar gwaji. Abin da zai yi shi ne ya tsayar da adadin da ba zai iya jurewa ba, ya ce: in huɗu sun lalace, guda nawa zan gwada kafin haɗarin su tsere mini ya gaza kashi 5? A kwalin ashirin amsar goma ce. Binomiyal da sai ta sa shi gwada 14, aikin ƙwai huɗu a banza, kuma idan gwajin yana lalata kayan, kamar buɗe gwangwanin abinci, asarar ta kuɗi ce.

Na biyu, duk lissafin ya dogara ne da cewa kowane ƙwai yana da rabo daidai da ɗan'uwansa wajen shiga hannu. Idan dillali ya jera masu kyau a sama, mai shago kuma daga saman ya ɗiba, kashi 28 ɗin nan ba ta da sauran ma'ana. Sai a sa wa ƙwayayen lamba daga 1 zuwa 20, a rubuta lambobin a 'yan takardu, a cakuɗa su a jaka, a zaro adadin da za a gwada ba tare da an leƙa ba.