Wasiƙar Akawu ga Masu Manhaja Idan Lissafi Ya Ƙi Daidaita

Yawancin manhajojin lissafin kuɗi suna ba akawu damar sauke bayanin asusu daga banki a fayil irin CSV ko OFX, ya loda shi kai tsaye cikin kundin lissafi, ba sai ya shigar da kowace hulɗa da hannu ba. Wani lokaci, da an gama lodawa sai ragowar kuɗin da ke kundin ta saɓa da wadda banki ya nuna. A nan ne akawu yake rubuta wa masu kula da manhajar wasiƙa, kuma saurin warware matsalar ya dogara da abin da wasiƙar ta ƙunsa.

Abu na farko shi ne adadin giɓin, domin shi ne yake nuna inda za a duba. A ɗauka banki ya nuna naira 1,210,000 a ƙarshen wata, kundi kuma ya nuna naira 1,300,000, alhali kafin a loda fayil ɗin sun yi daidai. Giɓin naira 90,000 ke nan. Akawu zai fara neman hulɗa mai wannan adadi, don ko an shigar da ita sau biyu. Idan babu, sai ya raba giɓin biyu ya nemi naira 45,000, saboda kuɗin da ya kamata a cire amma aka ƙara shi yana ninka kuskuren ne. A wannan misali, ga layin da zai tarar:

```
Date,Description,Debit,Credit
05/03/2024,CHQ RETURNED,,(45000.00)
```

Cakin da aka dawo da shi ne. Banki ya sa adadin cikin baka don nuna ragi, manhajar kuwa ba ta kula da bakan ba, ta ɗauke shi kuɗin shiga.

Wasiƙar sai ta ambaci sunan manhajar da lambar sigarta, irin fayil ɗin, kwanakin da ya ƙunsa, ragowar kuɗin kafin lodawa da bayanta, sannan a kwafo layin da ake zargi kamar yadda yake. Yana da kyau a faɗi tsarin kwanan wata, domin 05/03/2024 na iya zama 5 ga Maris ko 3 ga Mayu, kuma hakan kan jefa hulɗa cikin watan da ba nata ba. Lambar asusu da sunayen abokan ciniki kuwa a ɓoye su, kalmar sirri kuma ba a aika ta ko kaɗan.

Kafin amsa ta iso, kada akawu ya shigar da wani adadi na ƙarya don cike giɓin, kada kuma ya sake loda fayil ɗin, domin CSV ba ya ɗauke da lambar shaida ta dole ga kowace hulɗa kamar `FITID` na OFX, don haka komai na iya maimaituwa. Abin da ya fi shi ne ya adana kwafin kundin yadda yake, don masu manhajar su ga kuskuren da idonsu.