Ƙa'idar da ke ce wa ɗan kasuwa ya dakata

A ranar 19 ga Oktoba 1987, ma'aunin hannayen jari na Dow Jones a Amurka ya faɗi da fiye da kashi 22 cikin ɗari a wuni guda. Amma tun kafin ranar, farashi ya riga ya gangara ƙasa da matsakaicinsa na kwanakin ciniki 200. Paul Tudor Jones, wanda ya ci riba a wannan rugujewa, ya shahara da girmama wannan ma'auni.

Yadda ake yi ba wuya. Kullum a tara farashin rufewar kwana 200, a raba da 200. In farashi na sama da sakamakon, kuma layin yana hawa, dabarar saye ta ci gaba. In ya sauko ƙasa, ko layin ya karkata, sai a kashe ta, a riƙe kuɗi a hannu.

Sai dai akwai tsada. Idan kasuwa na kai-komo, sai mutum ya sayar da araha, ya sake saye da tsada, ga kuɗin dillali. Alamar wannan ita ce layin ya kwanta, farashi na ta ƙetare shi. Shi ya sa wasu ba sa dubawa sai ƙarshen wata, kuma hakan ya fi hikima.