Abubuwan da ya kamata ka sani game da tantance hotuna kafin a ciro bayanan cikinsu

Idan wakilin ƙaramin banki ya gama yi wa mutane rajista a kasuwa, abin da yake ɗorawa a manhaja tarkace ne: takardar NIN, katin zaɓe, shafin fasfo, takardar kuɗin wuta, rasidin POS, da hoton fuskar mai buɗe asusu, duk a haɗe, kuma sunayen fayilolin ba su nuna komai. Manhajar da za ta ciro suna da lamba da ranar haihuwa tana da ƙa'ida daban ga kowane irin takarda. Saboda haka tambayar da dole a fara amsa wa kowane hoto ita ce: wannan wace irin takarda ce?

Me ya sa ba a karanta su duka da ƙa'ida ɗaya?

Ɗauki ƙa'idar da ta ce a nemo lambobi 11 a jere a ajiye su a matsayin NIN. A kan takardar NIN za ta yi daidai. Amma BVN ma lambobi 11 ne, lambar waya a Najeriya 11 ce, kuma mitocin wuta da yawa na ɗauke da lamba mai tsawon haka. In aka ɗora wannan ƙa'ida kan takardar kuɗin wuta, za ta ciro lambar mita ko lambar waya ta zuba a gurbin NIN, ba tare da ta nuna wata alamar kuskure ba. Irin wannan kuskure ya fi na hoton da ya ƙi karantuwa muni, domin wanda ya ƙi karantuwa ana ganinsa nan take, wannan kuwa sai ranar da asusun wani ya maƙale ake ganowa. Lambar ba ta faɗin ko ita mece ce. Takardar da take zaune a kai ce ke faɗa.

Da me ake farawa?

Ana farawa da binciken da ba ya cin lokaci. Na farko, a duba cikin fayil ɗin maimakon a yarda da sunansa. Fayil ɗin JPEG yana farawa da `FF D8 FF`, na PDF kuma da `%PDF`. In PDF ne, a raba shi shafi-shafi, domin wakili yakan haɗa fasfo da takardar wuta a fayil guda, kuma kowane shafi sai an yanke masa nasa hukuncin.

Na biyu, a miƙar da hoton. Waya takan ajiye hoto a kwance ta rubuta umarnin juya shi a bayanan EXIF, manhajar da ba ta duba wannan ba sai ta ga rubutu a karkace ta ce babu rubutu. Tesseract, manhajar karanta rubutu da ake samu kyauta, tana iya faɗin inda shafi ya fuskanta:

```
tesseract hoto.jpg stdout --psm 0
```

Na uku, a gano gefunan takardar a auna siffarta. Kati irin na banki yana da tsawon milimita 85.6 da faɗin kusan 54, wato tsawonsa ya ninka faɗinsa sau 1.59. Takardar A4 kuwa milimita 297 ce da 210, wato sau 1.41. Rasidin POS siriri ne dogo. Siffa tana rage yawan abin da ake zato, amma ba ta yanke hukunci: katin zaɓe da lasisin tuƙi girmansu ɗaya.

Mece ce shaida mafi ƙarfi?

Rubutun da ba ya canzawa daga takarda zuwa takarda. Ana yi wa hoton karatu na sama-sama, a nemi kalmomin da nau'i ɗaya kaɗai ke da su. Jimlar `FEDERAL REPUBLIC OF NIGERIA` ba ta da amfani a nan, domin tana kan takardu da dama. Amma `Tracking ID` tana nuna takardar NIN, `VIN` tana nuna katin zaɓe na INEC, `kWh` kuma tana nuna takardar wuta.

Fasfo ya fi kowa sauƙin ganewa. Bisa tsarin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ƙasan shafin bayanansa yana da layi biyu, kowanne mai harafi 44, cike da alamar `<`. Layin farko yana farawa da `P`, kuma daga gurbi na uku ake samun lambar ƙasa: `NGA` ga Najeriya, `NER` ga Nijar. Wannan bambanci yana da amfani a garuruwan kan iyaka, inda takardun Faransanci ke shigowa tare da na Ingilishi.

Akwai kuma samfurin da aka horar da hotuna, wanda ke gane takarda daga launi da tsarinta ko da rubutun ya dusashe. Rauninsa shi ne ya saba da abin da ya gani kawai. In duk hotunan horonsa masu launi ne, fotokwafi baƙi da fari zai ruɗa shi. Shi ya sa ake haɗa shaidar ido da shaidar rubutu.

Yaya abin yake a aikace?

A ɗauka wakili ya ɗora hotuna biyar na mutum ɗaya. Na farko yana da layukan nan biyu masu farawa da `P` da `NGA`: fasfo ne, a tura shi ga ƙa'idar fasfo. Na biyu siffar A4 ne, yana da `kWh`: takardar wuta, abin da ake nema a ciki adireshi ne. Na uku fuska ce babu rubutu: hoton fasfo, ba a ciro komai. Na huɗu, an jera katin zaɓe da takardar NIN a kan tebur an ɗauka tare. Shaidu biyu sun bayyana a hoto guda, don haka sai an yanka shi gida biyu a sake tantance kowanne. Na biyar siffar kati ne, amma hasken fitila ya wanke saman rubutun. Samfurin ya ba katin zaɓe kashi 55 cikin ɗari, lasisin tuƙi kashi 40. Tazarar ta yi kaɗan, kuma babu kalmar da ta goyi bayan ɗaya. Wannan ba a yi masa canke: a ajiye shi ga ma'aikaci ya duba, ko a nemi wakili ya sake ɗauka.

Me ya sa dole a bar gurbin "ban sani ba"?

Samfurin da aka koya wa nau'i shida, in an ba shi na bakwai, zai tura shi cikin ɗaya daga shidan nan, wani lokaci ma da maki mai yawa. Takardar haihuwa sai ta koma takardar wuta don kawai girmansu ɗaya. Maganin shi ne a horar da shi da tarin hotunan da ba su cikin kowane nau'i, sannan a sa iyakar maki da mafi ƙarancin tazara tsakanin zaɓi na ɗaya da na biyu. Ba a ƙirƙiro iyakar nan da ka. Ana gwada ta ne kan hotunan da mutane suka riga suka tantance da hannu.

Ta yaya ake gane an yi kuskure?

Sakamakon cirowar shi ke tabbatar da hukuncin farko. In an ce hoto fasfo ne, lambobin tabbatarwa na layin ƙasa su yi daidai. Ranar haihuwa 15 ga Maris 1990 ana rubuta ta `900315`. A ninka lambobin bi da bi da 7, 3, 1, a tara: 63, 0, 0, 21, 3, 5 sun ba da 92. Lambar ƙarshe, 2, ita ya kamata ta biyo bayan ranar. In lissafin ya ƙi fita kuma rabin guraben sun dawo babu komai, a fara zargin nau'in da aka zaɓa kafin a zargi karatun.

A kuma ajiye tebur mai nuna wane nau'i ake yawan ɗauka a matsayin wane. Jimillar maki tana ɓoye matsala: in kashi 90 na hotuna takardun NIN ne, manhajar da ke kiran komai NIN za ta ci kashi 90 alhali ba ta gane fasfo ko ɗaya ba. Teburin ne zai nuna inda ya kamata a ƙara hotunan horo, kuma shi ne zai fara nuna alama duk ranar da wata hukuma ta sauya fasalin katinta.