Wasiƙar da Za Ta Sa Alhaji Ya Biya Kuɗin Rubuta Wasa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon babban ɗan kasuwa a garuruwanmu ya san durowar nan da ake tura wasiƙun neman taimako. Akwai ta ƙungiyar matasa, akwai ta masu gyaran magudanar ruwa, akwai ta kulob ɗin ƙwallo. Ta 'yan ƙwallon kusan kullum iri ɗaya ce: yabo rabin shafi, sannan a ce ana neman "abin da ya sawwaƙa don ci gaban wasanni." Alhaji ya karanta, ya ba da kuɗin ruwan leda, ya mayar da takardar durowa. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya saba ƙirga buhu kafin ya biya, an kawo masa takardar da ba ta faɗi abin da zai saya ba.

Abin ya fi wuya idan kulob ɗin ba riguna yake nema ba, ba ƙwallaye ba, kuɗin tattara bayanan wasa yake so. Riga ana ganinta a jikin yaro, har da sunan shago a ƙirji. Amma me ake nufi da bayanan wasa, kuma me ya sa mai gidan burodi ko dilan siminti zai zuba kuɗinsa a ciki? Wannan ita ce tambayar da wasiƙar za ta amsa a shafi ɗaya, kuma mai rubuta ta ba zai iya amsawa ba sai shi kansa ya san aikin.

Aikin ba sabo ba ne, kuma ba da na'ura ya fara ba. A watan Maris na 1950 wani akanta a rundunar sojin saman Birtaniya, Charles Reep, yana kallon wasan Swindon Town, ya ciro fensir da littafi ya fara rubuta yadda kowane hari ya taso da yadda ya ƙare. Abin da kulob ɗin gari yake buƙata bai wuce haka da yawa ba. Mutum biyu ne a gefen fili. Na farko yana riƙe da takarda mai zanen fili, duk lokacin da aka buga ƙwallo zuwa raga sai ya ɗiga alama a inda aka bugo ta, ya rubuta lambar ɗan wasan da mintin, ya nuna ko ta shiga, ko gola ya tare, ko ta yi waje. Na biyu yana rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita da minti nawa kowa ya buga, da katin gargaɗi, da kwana da firikik, da inda aka ƙwace wa kulob ƙwallo kafin a kawo masa hari. Sai waya guda a kan sanda mai ƙafa uku, a wuri mai tudu daidai tsakiyar fili, tana ɗaukar wasan don a duba abin da ido ya rasa. Da daddare a zuba komai a jadawalin kwamfuta ko na waya.

Ga amfanin a fili. A ce bayan wasa 10 an ci kulob ƙwallo 12, takarda ta nuna 7 daga ciki sun shiga ne bayan minti na 70. Koci ya samu abin yi: ko dai yaran suna gajiya, ko canjin da yake yi ne ke buɗe baya. Kafin takardar, abin da ake ji a majalisa shi ne "gola ne matsalarmu." Irin wannan misali, layi biyu kacal, shi ya kamata ya shiga wasiƙar. Kuma ya fi kyau a ce na gaskiya ne. Shawarata ga kowane sakataren kulob ita ce kada ya rubuta wasiƙar sai ya riga ya rubuta wasa uku da biro da takarda, kyauta, ya maƙala sakamakon a baya. Gani ya kori ji.

Yanzu sai kuɗi, inda yawancin wasiƙu ke faɗuwa. Bari mu ɗauki kulob mai wasa 20 a kaka, 10 a gida 10 a waje. Farashin da zan sa na misali ne don a ga yadda ake lissafin. Mai rubuta wasiƙa ya je kasuwa ya karɓo farashin ranar a rubuce. Waya mai kyamara mai kyau, naira 180,000. Sandar ɗora ta, 25,000. Fawa banki, 20,000, domin ɗaukar bidiyo na minti 90 a rana tsaka yana shanye batir. Memori mai gigabayit 128, naira 15,000. Wasa ɗaya da aka ɗauka da hoto mai kyau yakan ci wajen gigabayit 10, saboda haka memorin zai ɗauki kamar wasa 12 kafin a kwashe. Kayan aiki sun tashi 240,000, kuma sau ɗaya ake sayensu.

Ɗaya rabin shi ne wanda ake mantawa. Masu rubutun biyu, kowa naira 3,000 a wasa, ya zama 120,000 a kaka. Kuɗin motarsu zuwa wasannin waje, 2,500 kowane mutum, 50,000 ke nan. Data, 2,000 a wasa, 40,000, kuma gajerun bidiyo kawai za ta isa a ɗora, ba wasan duka ba. Buga takardu da allon talla, 30,000. Wannan ma 240,000. Jimilla naira 480,000, wato 24,000 a kowane wasa. Kulob ɗin da ya sayi waya ya manta da alawus ɗin masu rubutu, zuwa wasa na biyar zai tarar yaran sun koma cikin 'yan kallo, wayar kuma ta zama ta ɗaukar hoton biki. Aikin nan mutum ne yake yinsa, a tsaye cikin rana, ba damar ya yi tsallen murna idan an ci, domin a daidai lokacin ne yake duba agogo.

Zuciyar wasiƙar, bayan adireshi da kwanan wata, za ta iya zama haka:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, muna neman ka ɗauki nauyin rubuta bayanan wasanninmu 20 na kakar bana, a kan naira 480,000. Rabin kuɗin na kayan aiki ne, kuma za mu fi so ka saye su da kanka ka damƙa mana. Sauran rabin muna roƙon a biya shi kashi biyu ta asusun kulob: 120,000 kafin wasan farko, 120,000 bayan wasa na 10, idan ka ga rahotonmu da rasitai ka gamsu. Mu kuma za mu sa sunan shagonka a kan takardar sakamakon kowane wasa da muke rarrabawa, da gajerun bidiyon ƙwallayen da aka ci, da allo a bakin fili a wasanninmu 10 na gida."

A lura da abin da wannan sakin layin ya yi. Ya faɗi adadin kuɗin tun a jimla ta biyu. Ya cire wa Alhaji tsoron da ba zai furta ba, wato kuɗin su salwanta a aljihun wani, ta hanyar ba shi damar sayen kayan da hannunsa da kuma riƙe kashi na ƙarshe. Sannan ya lissafa abin da zai samu a abubuwan da za a iya ƙirgawa. Ladabi yana nan, amma ba a yi bara ba. Asusun da aka ambata lallai ya kasance da sunan kulob, mai sa hannun mutum biyu, shugaba da ma'aji. Lambar asusun mutum ɗaya a ƙasan wasiƙa tana kashe magana nan take. Idan kulob yana da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, a haɗa kwafin shaidar.

Akwai alkawuran da bai kamata su shiga ba, ko da alƙalami na ƙaiƙayi. Kada a ce bayanan za su kai kulob babbar gasa, kada a ce za su fitar da yara Turai. Kowa a Arewa ya san labarin Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010, kuma kowane sakatare zai so ya jingina da shi. Amma abin da takarda za ta iya yi wa yaro shi ne ta nuna wa mai neman 'yan wasa cewa ya buga minti kaza, ya ci kaza, ga bidiyo. Wannan ya fi bakin koci nauyi, iyakarsa ke nan. Wasa 20 kuma kaɗan ne. Ɗan gaba zai iya cin ƙwallo huɗu a buga biyar cikin sa'a, ya yi wata biyu bai sake gani ba. Shi kansa Reep, da tarin wasannin da ya rubuta, ya ga yawancin ƙwallaye suna zuwa bayan an miƙa sau uku ko ƙasa da haka, sai ya yanke cewa a riƙa cilla ƙwallo gaba kawai. Masana daga baya sun nuna kuskurensa: gajerun hare-hare sun fi yawa nesa ba kusa ba tun asali, dole ƙwallayensu su fi yawa.

Kar a manta da layi biyu da za su kwantar wa mai kuɗi hankali. Na farko, cewa ba za a sayar wa masu cacar ƙwallo bayanan ba. Ɗan kasuwa mai kare mutuncinsa a masallacin unguwa zai yi wannan tambayar a ransa. Na biyu, cewa an nemi izinin 'yan wasa kafin a yaɗa bidiyonsu, kuma wanda bai kai shekara 18 ba iyayensa ne suka amince, kamar yadda dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta tanada.

To ta yaya Alhaji zai san ana aikin, ba cika takarda ake yi a ɗaki ba? A ba shi ma'aunin a cikin wasiƙar. Idan ba a kori kowa ba, kuma ba a lissafa ƙarin lokaci ba, mintunan 'yan wasan kulob a wasa ɗaya dole su tashi 990, wato mutum 11 sau minti 90. Idan suka tashi 940, an rasa wani canji. Ƙwallaye da katuna dole su yi daidai da rahoton alƙalin wasa. Yana iya zaɓar kowane wasa, ya sa ɗansa ya kalli minti 15 na bidiyon ya ƙirga bugun raga, a gwada da takarda. Wanda ya saba binciken littafin shago zai gane wannan hanya, zai kuma ji daɗinta.

Ya kai sakatare, idan ka kammala, kada ka tura ta waya. Ka buga ta shafi ɗaya, lissafin kuɗi a shafi na biyu, takardun wasa ukun nan a baya. Ka ɗauki shugaba ko wani dattijon da Alhaji yake jin kunyarsa, ku je da hantsi a ranar da ba ta kasuwa ba, kuma kafin ku tashi ka gayyace shi wasan gida na gaba, ya tsaya kusa da masu rubutun ya ga aikin da idonsa.