Idan aiki ya tsaya kwatsam a Birtaniya: wane kuɗi za a fara biya, wane ne zai jira?

Tsakanin watan Yulin 2022 da Disambar 2024, Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470 masu ɗauko ma'aikatan kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Da yawansu ba su yi laifin komai ba, sun wayi gari ne kawai babu aiki. Ga ɗan ƙasa, rasa aiki matsalar aljihu ce. Ga wanda yake zaune da bizar aiki kuwa, matsala biyu ce a haɗe, domin zamansa a ƙasar ma yana rataye ne da wannan aikin.

Ga yadda abin yake tafiya. Kamfanin da ya sallame ka wajibi ne ya sanar da hukuma cikin ranakun aiki 10. Daga nan sai a aiko maka da takardar rage wa'adin bizarka, yawanci zuwa kwana 60, ko abin da ya rage a bizar idan bai kai haka ba. A cikin wannan lokaci ko dai ka samu wani kamfani mai lasisi ka nemi sabuwar biza, ko ka koma wani nau'in biza, ko ka bar ƙasar. Iyalin da suka zo a ƙarƙashinka su ma abin ya shafe su. Takardar takan yi jinkirin zuwa, amma mai hankali ba ya gina lissafinsa a kan jinkiri. Sannan yawancin masu irin wannan biza ba su da damar karɓar tallafin gwamnati irin su Universal Credit. Ke nan abin da ke hannunka shi ne zai riƙe ka, kuma tambayar farko ita ce: kwana nawa zai kai?

Mu ɗauki misalin wani magidanci a wani gari a arewacin Ingila, da matarsa da yara biyu. Albashinsa bayan haraji fam 1,750 ne a wata, matar tana aikin 'yan sa'o'i tana samun fam 700. Duk wata fam 2,450 ɗin nan tas suke tafiya: haya 850, harajin gida na ƙaramar hukuma 150, wuta da gas 170, ruwa 40, cefane 420, mota 250, waya da intanet 85, aike gida 200, adashe 150, katin bashi 60, sai ƙananan abubuwa 75. Yana da ajiyar fam 3,200, kuma biyan ƙarshe da kamfani ya yi masa ya kama 900.

Wannan biyan ƙarshen a tsaya a duba shi da kyau. Wanda ya yi wata ɗaya zuwa shekara biyu a wurin aiki, doka ta ba shi aƙalla sanarwar mako ɗaya, kuma dole a biya shi kuɗin ranakun hutun da ya tara bai ci ba. Kuɗin sallama na doka sai wanda ya cika shekara biyu. A karɓi takardar P45, domin wanda aikinsa ya tsaya a tsakiyar shekarar haraji sau da yawa an cire masa fiye da abin da ya kamata, kuma yana iya neman a mayar masa da rarar.

To, magidancinmu yana da fam 4,100. Kafin ya taɓa ko sisi, sai ya ware 1,600 a wani asusu daban, kuɗin neman sabuwar biza ga mutum huɗu, ko kuma kafin alƙalamin tikitin komawa gida idan abin ya ƙi. Mutane sun fi tsallake wannan matakin, kuma shi ne ya fi cizo: a samu sabon aiki a mako na bakwai, amma babu kuɗin cike takardu. Saura 2,500. Idan bai canza komai ba, gibin kowane wata fam 1,750 ne, wato kuɗin zai ƙare cikin kimanin mako shida, tun kwana 60 ɗin ba su cika ba.

Yanzu sai yanka. Kuskuren da aka saba yi shi ne a biya wanda ya fi matsa wa mutum da kira. Kamfanin katin bashi zai yi ta aiko saƙo, mai gida kuwa yana iya yin shiru na ɗan lokaci, sai mutum ya biya katin ya bar haya. Masu ba da shawara kan bashi a Birtaniya ba haka suke jera su ba. Ma'auninsu ɗaya ne: idan ban biya wannan ba, me zan rasa?

Haya ce a sama, domin ƙarshen rashin biyanta shi ne rasa muhalli, kuma wanda ba shi da tallafin gwamnati kuma bizarsa na gab da ƙarewa, samun wani gidan haya ba ƙaramin aiki ba ne a gare shi. Idan ka ga alamar ba za ka iya cika ta ba, ka rubuta wa mai gidan tun ranar biya ba ta zo ba, ka faɗi nawa za ka iya bayarwa da ranar da za ka bayar. A rubuce, ba da baki ba.

Sai harajin gida, wanda takardarsa ke zuwa da sunan Council Tax. Wannan ne sababbin zuwa suka fi rainawa, ga shi kuwa ya fi saurin rikiɗewa. A Ingila, idan ka tsallake biyan wata ɗaya za a aiko maka da tunatarwa ta kwana bakwai, idan ka yi biris kana iya rasa damar biya kaɗan-kaɗan, a nemi kuɗin sauran shekarar gaba ɗaya, daga nan sai kotu da masu karɓar bashi. Abin da za ka iya yi shi ne ka nemi a raba maka shi wata 12 maimakon 10 da aka saba. Amma a yi hattara: rangwamen da ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi a wannan haraji yana cikin tallafin da bizarka ta hana. Wuta da gas su ne na uku, kuma kamfanonin suna da wajibin su tsara maka biyan da za ka iya idan ka sanar da su. Tarar kotu, in akwai, ita ma a wannan sahun take.

Katin bashi, bashin banki da kayan da aka ɗauka a biya daga baya, duk suna ƙasa. Rashin biyansu yana ɓata wa mutum tarihinsa na bashi, kuma wannan ba abin wasa ba ne, amma ba ya raba shi da ɗakin kwanansa a wata mai zuwa. Kar dai a yi musu shiru. A kira su a ce aiki ya tsaya, a nemi su dakatar da kuɗin ruwa, a miƙa ɗan abin da ya samu. StepChange da National Debtline da Citizens Advice duk kyauta suke ba da shawara, kuma a Ingila da Wales mai ba da shawara zai iya sa mutum a tsarin Breathing Space, wanda ke tsayar da yawancin kuɗin ruwa da matsin masu bin bashi na kwana 60.

Mota tana buƙatar tunani. Idan aikin da kake nema na zagayawa gidajen tsofaffi ne, motar ita ce jarinka, ajiye ta kamar manomi ne ya sayar da fartanya ana gab da damina. Idan kuwa a gidan kula da tsofaffi ne da bas ke zuwa, za a iya yi mata rajistar SORN, a daina biyan harajin hanya, muddin akwai inda za a ajiye ta ba a kan titin gwamnati ba. Kafin a soke inshora a tambayi kuɗin sokewa, domin wani lokacin yakan cinye ribar. Magidancinmu ya ajiye tasa, kuɗin sufuri ya sauko daga 250 zuwa 70.

Inda abin ya fi nauyi shi ne aike gida, kuma babu takardar shawara ta Turawa da za ta gaya maka yadda za ka yi da shi. Da yawa sukan ɓoye wa iyaye cewa aiki ya tsaya, su ci gaba da aike kamar da, har ma da katin bashi, don kar a ce wane ya gaza a Turai. A ganina wannan cutar kai ce da cutar waɗanda ake aika wa, domin ranar da ajiya ta ƙare aiken zai tsaya baki ɗaya ba tare da an shirya masa ba. Gara a kira babban yaya ko wanda ake jin maganarsa a gidan, a gaya masa gaskiya, a ware abin da ba ya jira, kamar maganin Hajiya, sauran kuma, gudummawar biki da ginin da ake yi a gida, su dakata. Shi ya rage daga 200 zuwa 50.

Adashe kuma ya danganta da ko ka riga ka kwasa. Idan ka kwasa, bashi ne a kanka, na mutanen da watakila su ne za su samo maka aiki na gaba, don haka a zauna da uwar adashe a daidaita yadda za a rage zubi. Idan ba ka kwasa ba, kana iya neman ka dakata a ba ka abin da ka zuba a ƙarshen zagaye. Neman a matso da kwasarka gaba yana da daɗi a ranar, amma ya ɗaure ka da zubin da ba ka da tabbacin inda zai fito.

Bayan ya rage cefane zuwa 320 ta hanyar sayen buhun shinkafa da garin tuwo da dafa abinci a gida, wuta da gas zuwa 150, waya zuwa 60, katin bashi zuwa 10, ya dakatar da adashe, ya kuma soke ƙananan abubuwan nan da ke fita daga asusu duk wata ba a sani ba, kashe-kashensa sun koma fam 1,700. Gibin ya zama 1,000, kuɗin zai kai wata biyu da rabi. Idan matar ta ƙara sa'o'i har ta kai fam 1,100, tunda bizarta ta yarda ta yi aiki muddin tana da rai, gibin ya koma 600, ajiyar ta wuce wata huɗu. A lura cewa ƙarin sa'o'inta kaɗai ya kawo fam 400, ninki huɗu na abin da aka matse daga cefane.

Shi kansa magidancin ba shi da wannan damar. Ƙarin aikin sa'a 20 da bizarsa ta yarda da shi yana tafiya ne tare da babban aikin, idan wancan ya tsaya wannan ma ya tsaya. Aikin a-biya-ka-a-hannu da wani zai yi masa tayi yana iya jawo a hana shi bizar da yake nema. Haka nan duk dillalin da ya ce a ba shi dubban fam zai samo takardar ɗaukar nauyi daga wani kamfani, a guje shi. Ana iya duba ko kamfani na da lasisi a jerin da ke shafin GOV.UK.

Akwai kuma ƙofofin da ba a lissafa su cikin tallafin da aka hana ba. A Ingila, yaran iyalai masu irin wannan biza na iya samun abincin makaranta kyauta idan kuɗin shigar gidan ya yi ƙasa, makarantar ce za a tambaya. Idan gida mai yara ya kai ga rasa abinci ko wurin kwana, sashe na 17 na Dokar Yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin duba halin da yaran suke ciki. Ɗalibi kuwa da ya rasa ɗan aikinsa, ya tuna cewa gidan da duk mazaunansa cikakkun ɗalibai ne ba ya biyan harajin gida, kuma yawancin jami'o'i suna da asusun taimakon ɗaliban da suka shiga matsi. Ya je ofishin kuɗin makaranta tun kafin ranar biyan kaso na gaba ta wuce, domin bizarsa tana rataye ne da rajistarsa a jami'ar.