Yadda Bariki ta Tashi daga Sansanin Soja ta Koma Zagi

A Fagge, idan aka ce wane yana aiki a barikin Bukavu, ba wanda zai ɗaga kai. Amma a ce wance 'yar bariki ce, sai dai a shiga tsakani. Kalma ɗaya ce, kuma tazarar da ke tsakanin ma'anonin nan biyu ta samu ne cikin shekarun da ba su wuce rayuwar kaka da jika ba.

Kalmar ta shigo Hausa daga bakin sojojin Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903. Da fari sansanin soja kawai take nufi. Sai ta yaɗu ta haɗa da gidan Bature da ofishinsa da masaukin da ake gina masa a garuruwa idan ya fita rangadi. Wanda ya ce za shi bariki a wancan zamani, wataƙila ƙara zai kai wurin Joji ko aikin masinja yake nema.

Abin da ya juya ta shi ne yadda aka yanka ƙasar da ke wajen ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 don akawuna da leburori da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu. Shekaru da dama unguwar ba ta ƙarƙashin Sarki da alƙalansa, tana hannun Turawa, kuma ana sayar da giya a cikinta alhali an hana a birni. Fagge kuwa tsohon zango ne na fatake da Buzaye, tana ƙarƙashin Sarki, amma ita ma wajen ganuwa take, kuma ita ce ta tsaya tsakanin birni da Sabon Gari. Nan Bahaushen da ya baro garinsu yake kama ɗakin haya, ba uba ba kawu, ba mai tambayarsa inda ya kwana. Soja mai albashi, kuku, direba, bazawarar da ta gudo daga auren dole, duk a wannan tsakanin suka haɗu. Mutumin birni bai tsaya rarrabe su ba, ya tattara su ya ce 'yan bariki.

Matakin nan shi ne mafi nauyi: sunan wuri ya zama sunan mutanen wurin, sannan ya zama sunan halin da ake zarginsu da shi. Da aka kai ga cewa barikanci, wuri ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Yau ana iya cewa mace ta shiga bariki ko da ba ta taɓa taka Kano ba.

Sai dai faɗuwar ba ta zo daidai ga kowa ba, kuma a nan ne nake ganin rashin adalcin. A kira namiji ɗan bariki, sau da yawa akwai ɗan yabo a ciki: idonsa a buɗe yake, ba a cutarsa a ciniki, ya san gari. Ɗan canji a Wapa zai iya faɗa wa abokinsa haka suna dariya. (Wapa ɗin ma sunan gidan silima ne tun asali, yanzu kuwa da an ambace ta dala da riyal ake tunawa.) Ita mace ba ta da wannan rabo. A kanta kalmar karuwanci kawai take nufi, kuma tana iya rusa maganar aure tun a wurin bincike.

Ma'anar farko ba ta mutu ba, amma ta zama mai neman madogara. Dole a ce barikin soja ko barikin 'yan sanda kafin a fahimta, alamar da ke nuna cewa sabuwar ma'ana ta ƙwace gida. Illar tana bayyana wajen karatu: ɗalibin da ya ci karo da “ya tafi bariki” a rubutun zamanin Turawa zai iya ɗora wa mutumin kirki laifin da bai yi ba.

Kalmar boko kuwa ta bi hanyar da ta saɓa wa ta bariki. A ƙamus ɗin Bargery na 1934 tana ɗauke da ma'anar algus da yaudara, kamar a amaryar boko. Ta ɗaukaka har ɗan boko ya zama abin alfahari, kafin rikicin Boko Haram na 2009 ya sake shafa mata baƙi a kunnen duniya.

Malaman Hausa da masu tsara ƙamus, ku riƙa jera ma'anonin irin waɗannan kalmomi bisa zamaninsu, ku kuma faɗa wa ɗalibi wadda ta riga wata.