Sabon shago a Gidan Amumune: Yadda ake tsara rubutun talla na mako guda, kowace rana da jigonta

Matashin da ya dawo daga cirani ya buɗe shago a Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, yakan fara talla da zafinsa. Ranar farko sai ya zuba hoto ashirin a Status na WhatsApp, kowanne da rubutu iri ɗaya: "Kaya sun iso." Kwana uku bayan haka abin faɗa ya ƙare, a mako na biyu kuma shiru. Masu kallo su ɗauka shagon ya rufe, alhali kuɗin shekaru na cirani ne jibge a kan kanta.

Maganin wannan shi ne a zauna sau ɗaya a mako, a ba kowace rana jigo guda, a rubuta kalaman da za su raka hotuna bakwai tun kafin makon ya shiga. Tsarin ya dace da Status, domin duk abin da aka ɗora yana ɓacewa bayan awa 24. Ke nan kowace safiya allon a goge yake.

Wa ake yi wa magana?

Kafin a raba ranaku, sai mai shago ya gane cewa masu saye iri biyu gare shi. Akwai mutanen gari da ƙauyukan kewaye, masu zuwa da ƙafarsu, waɗanda da yawansu sun fi sauraron murya a kan karanta rubutu. Akwai kuma 'yan cirani da ke Kano, Agadas, Libiya ko Aljeriya, waɗanda ba za su taɓa kayan ba amma su ke biyan cefanen gida ta Nita ko Amana. Na farko yana son ya ji farashi. Na biyu yana son tabbacin cewa in ya turo kuɗi, kayan za su shiga hannun mahaifiyarsa. Rubutu ɗaya ba zai gamsar da su duka ba, shi ya sa ake raba musu ranaku.

Akwai kuma wani sharaɗi da sababbin 'yan kasuwa ke mantawa: Status ba ya isa ga mutum sai in kowa ya ajiye lambar ɗan'uwansa. Don haka aikin farko shi ne karɓar lambar duk wanda ya shigo shago, a kuma roƙe shi ya ajiye ta mai shagon.

Mako guda a aikace

Mu ɗauki shagon kayan masarufi da ke yin sari a Maraɗi, inda babbar kasuwa ke ci Litinin da Juma'a. Mai shagon yana tafiya ranar Litinin, don haka makonsa a kanta ya rataya.

Lahadi ranar karɓar saƙo ce. Rubutun zai ce: "Gobe za mu Maraɗi. Mai son a taho masa da wani abu ya faɗa kafin isha'i." Wannan yana sa a yi sari da sanin abin da ake nema, maimakon a sayo abin da zai kwana. Litinin ta hanya ce: hoton buhuna a bayan mota da layi ɗaya, don a ga shagon na motsi. Talata kuwa ta sababbin kaya ce, hoto uku kacal, kowanne da suna da awo da farashi.

Laraba aka keɓe wa 'yan cirani, kuma ita ce ta fi buƙatar natsuwa. A nan ba kaya ɗaya ake tallatawa ba, ƙunshi ake haɗawa, misali na jika goma. Rubutun ya lissafo abin da ke ciki, shinkafa kilo kaza, mai lita kaza, sukari da sabulu, sannan ya rufe da alkawarin da za a iya cikawa: "In kuɗi suka shigo kafin azahar, kaya na isa gida yau, kuma za ka ji muryar wanda ya karɓa." Da dare ya kamata a ɗora shi, lokacin da masu aikin gini da gadi suka huta, tare da tuna cewa agogon Libiya na gaba da na Nijar da awa ɗaya.

Alhamis ta amsa tambaya ce. A zaɓi guda da aka fi yi a makon, kamar ko ana kai kaya ƙauye ko ƙarfe nawa ake rufewa, a amsa ta da murya, tunda WhatsApp ya ba da damar ɗora murya a Status tun 2023. Juma'a gaisuwa ce da sanar da lokacin rufewa don sallah, ba farashi. Asabar kuma ta ragowar kaya ce: abin da ya rage kaɗan, da adadinsa na gaskiya. Duk ranar da kasuwar mako ta yankin ta faɗo a kai, sai a ɗauke jigonta a sa na farashi, a ɗora tun asuba kafin mutane su kama hanya.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren farko shi ne rubuta farashi tun Lahadi. Kafin Talata farashin sari ko kuɗin mota na iya sauyawa, kuma mai saye zai zo da hoton abin da ka rubuta a wayarsa. Abin yi shi ne a rubuta jimlar, a bar gurbin kuɗi, a cike shi bayan an sauke kaya.

Na biyu shi ne rikicin dala da sefa. A baki ana cewa sabulu dala hamsin, wato sefa 250, domin dala ɗaya sefa biyar ce. In mai shago ya rubuta "50" kawai, wani zai karanta sefa 50, ya zo ya yi ta gardama, ɗan cirani da ya saba da naira kuma ya ƙara ruɗewa. A rubuce a sa 250F, a murya a ce dala hamsin, kada a sauya wannan ƙa'ida.

Na uku shi ne barin tallan kayan da suka ƙare. Wanda ya taso daga ƙauye a kan amalanke ya tarar babu, da wuya ya sake yarda da Status ɗinka. Da zarar abu ya ƙare, a goge hotonsa. Haka nan kada a ɗora hoton mai saye ko na gidan da aka kai wa ƙunshi sai da izini, kada kuma a yi habaici ga masu bashi. A ƙaramin gari kowa zai gane wa ake nufi.

Yadda za a gane ko jigo na aiki

Status yana nuna adadin waɗanda suka kalla, amma kallo ba ciniki ba ne. A ja layi bakwai a bayan littafin bashi, kowace rana a rubuta mutum nawa suka yi tambaya da nawa suka saya. Bayan mako huɗu amsa za ta fito. In Laraba tana kawo tambayoyi amma ba a turo kuɗi, to ko dai ƙunshin ya yi tsada, a gwada na jika biyar, ko kuma ba a gama yarda da mai shago ba tukuna. In Asabar ba ta kawo kowa ba sau huɗu a jere, a sauya mata jigo, a bar sauran shidan yadda suke, don a san abin da ya kawo bambanci.

Tsarin ma yana bin yanayi. Da kaka, lokacin da gero da wake suka shigo kuma kuɗi ke hannun manoma, ranar sababbin kaya ce ke jan ciniki. Da bazara zuwa tsakiyar damina, in rumbuna suka yi ƙasa, gidaje da yawa na dogara da abin da 'yan cirani suka turo, kuma a lokacin ba laifi a ba ƙunshin gida kwana biyu a mako.